Buta Biyu a Ɗaki Ɗaya

Takardar shafi ɗaya ce, layi talatin da biyu, kowane layi da ɗan akwati a gefensa inda mai aiki zai sa alama idan ya gama. Manajan wani otal a Kano ne ya miƙo mini ita, ya ce in juya masa zuwa Hausa, domin yawancin masu gyaran ɗakunansa sun fi sakewa da karatun Hausa a kan na Turanci. Na duba ta sama-sama, na ce a raina wannan ai kafin shayi ya huce na gama. Wanda ya saba fassara jawabai da rahotanni masu shafi ɗari, me zai gagare shi a share nan, goge can? Kafin la'asar na kammala na aika.

Bayan kwana biyu aka ce in zo, shugabar masu gyaran ɗaki tana son ganina. Dattijuwa ce, kowa Hajiya yake ce mata, kuma daga ɗakin wanki ta faro aikin otal tun tana yarinya har ta kai inda take. Na same ta a ɗan ofishinta da ke kusa da sito, takardata a gabanta ta sha jan biro kamar littafin ɗalibin da bai yi bita ba.

"Malam, sannu da ƙoƙari," in ji ta. "Hausarka ta yi daɗi, babu inda na yi tuntuɓe. Sai dai in yarana suka bi takardar nan yadda ka rubuta, wata rana baƙo zai sha shayi da ruwan masai."

Ta sa yatsa a layi na goma sha tara. Na rubuta, a zubar da ruwan buta, a ɗauraye ta, a mayar da ita kan tire kusa da kofuna. Ban ga laifin layin ba, don abin da Turancin ya ce ke nan. Sai ta tashi ta ce in biyo ta. Ta buɗe wani ɗaki da baƙo ya bari da safe, ta nuna mini butar lantarki ta dafa ruwan shayi a kan tebur, sannan ta tura ƙofar banɗaki ta nuna mini butar roba a ƙasa kusa da masai. Wanda ya tsara takardar da Turanci buta ɗaya ya sani a ɗakin otal. Mu kuwa biyu gare mu, kuma in ka ce wa Bahaushe buta kawai, ta banɗaki ce za ta fara faɗo masa a rai. Tsohon ma'aikaci ba zai ruɗe ba, amma takarda ba don shi ake rubuta ta ba. Ana rubuta ta ne don yaron da aka ɗauka jiya, wanda ke tsoron yin tambaya kada a ce bai san aiki ba.

A takardar da ta gyara, buta ba ta sake fitowa ita kaɗai ba. Ko dai butar shayi, ko butar banɗaki, kuma kowacce da layinta, da launin tsumman da aka yarda ya taɓa ta. Tun daga nan na ja kujera na zauna, na bar ta ta yi aikinta ina kallo, domin na gane cewa abin da take yi sana'a ce mai zaman kanta, wadda ban iya ba.

Abu na farko da ta bi ta kai shi ne kalmar tsabtace. Na yi amfani da ita sau goma sha ɗaya. A tsabtace madubi, a tsabtace tebur, a tsabtace masai, a tsabtace ƙasa. Ta ce mini tsabtace ba aiki ba ne, sakamakon aiki ne, kuma hannu ba ya sanin abin da zai yi da ita. In ka ce wa mutum uku su tsabtace tebur, ɗaya zai kaɗe shi da tsumma, ɗaya zai jiƙa shi da ruwan omo, na uku zai hure ƙurar da baki ya wuce, kuma dukansu za su sa alama a akwati da zuciya ɗaya. Abin mamakin shi ne Hausa ta fi Turancin takardar wadatar kalmomi a nan. Muna da share, da goge, da wanke, da ɗauraye, da dirje, da kankare, da kakkaɓe, da tsane. Kowacce tana gaya wa hannu abin da zai riƙe, da ƙarfin da zai sa, da ko akwai ruwa ko babu. Ni na bar duk wannan arziki na kama kalma ɗaya saboda ita ce ta yi kama da ta Turancin. Ita kuwa kowane layi sai ta tsaya ta tambayi kanta, a wannan wurin me hannu yake yi? Cikin masai ana dirje shi da burushi. Kofi ana wanke shi, a ɗauraye, a kife ya tsane. Madubi ana goge shi da busasshen tsumma bayan an fesa masa ruwan gilashi.

Inda na fi jin kunya shi ne wajen ƙura. Turanci yana da kalma guda da ke nufin raba kaya da ƙura, ni kuwa na fassara ta da kakkaɓe, don haka muke yi a gida. Hajiya ta ɗauki busasshen tsumma ta kaɗa a kan allon gado, daidai inda hasken taga ke shigowa, muka ga ƙurar ta tashi tana yawo a iska.

"Ka gan ta? Ba ta tafi ko'ina ba. Jira take mu fita ta sauka kan zanin gadon da aka shimfiɗa yanzu."

Abin da ake nufi a aikin otal shi ne a ɗauke ƙurar da tsumma mai ɗan danshi, wanda aka jiƙa aka matse har ba ya ɗiga, ta manne a jikinsa a fita da ita. A garin da hunturu ke shigo da ƙura ta kowace kafa tun daga Nuwamba har Fabrairu, bambancin kakkaɓe da goge da tsumma mai danshi shi ne bambancin ɗakin da ya gyaru da wanda aka tayar wa hankali kawai. Kalma ɗaya ta Turanci ta zama kalma bakwai a Hausa, kuma ba ta ji nauyin tsawon ba. Ta ce gara layi ya yi tsawo da a sake aiki.

Akwai wata kalmar da na yi alfahari da ita lokacin da nake fassara. Inda Turancin ya yi maganar kashe ƙwayoyin cuta a marikin ƙofa da makunnin fitila da rimot da kan waya, na rubuta a tsarkake. Na ga ta yi nauyi, ta yi kyau. Hajiya ta soke ta ba tare da ta ɗaga kai ba. Tsarki a kunnen Musulmi magana ce ta najasa da ruwa mai tsarkakewa, kuma marikin ƙofar da mutum ashirin suka taɓa yana iya zama mai tsarki sarai a shari'a alhali yana ɗauke da mura. In ka ce a tsarkake, mai aiki zai duba ya ga babu najasa, ya shafa ruwa ya wuce, kuma bai yi ƙarya ba. Ta raba aikin gida biyu kamar yadda yake a gaskiya. Da farko a goge datti da ruwan sabulu. Bayan haka a shafa ruwan magani. Dalilin rabawar kuwa ba son tsawaitawa ba ne. Ruwan bilic yana rasa ƙarfinsa in ya haɗu da maiƙo da datti, don haka wanda ya zuba magani a kan wurin da bai wanke ba, dattin ya ba wa magani, ƙwayoyin cutar suna nan a ƙarƙashi.

Daga kalmomi sai ta koma kan jeri, kuma a nan ne muka fi daɗewa.

Gyaran ɗakin otal yana da tsari wanda kusan ko'ina iri ɗaya ne, kuma kowane mataki yana da dalilin zamansa inda yake. Ana ƙwanƙwasa ƙofa a yi sallama, ko da an ce ɗakin babu kowa. Ana buɗe labule da taga iska ta shiga. Ana fitar da shara da zannuwan gado da tawul ɗin da aka yi amfani da su, don kada a gyara wuri sannan a ja datti ta kansa. Ana zuba maganin wanke masai tun da wuri a bar shi yana aiki yayin da ake shimfiɗa gado. Ana goge kaya daga sama zuwa ƙasa, saboda abin da ya faɗo daga saman kwaba kan tebur zai sauka. Daɓe ne na ƙarshe, daga lungun da ya fi nisa, ana ja da baya har bakin ƙofa, don kada a taka inda aka goge. Wanda ya sauya wa mataki ɗaya wuri ya ɓata na gaba da shi.

Matsalar ita ce Turanci yana son juya jimla. Yakan ambaci aikin da za a yi daga baya a farkon layi, sannan ya ce amma fa bayan an yi kaza. Ni ma na bi shi a haka. Layi na ashirin da huɗu a takardata cewa ya yi, a goge tayil ɗin banɗaki da mofa bayan an wanke bango da wurin wanke hannu. Nahawu bai karye ba. Amma Hajiya ta ce in tuna yadda ake karanta irin wannan takarda: a tsaye, da safar roba a hannu, ido yana kan kalma uku na farko, ɗakuna goma sha suna jira. Abin da ido ya fara gani shi hannu zai fara yi. Ƙa'idarta ita ce aikin da ya riga a ɗaki shi zai riga a kan takarda, kuma layi ɗaya aiki ɗaya. Ta kori kafin da bayan daga ko'ina, sai inda babu makawa. Ta kuma yi hattara da sai, wadda ni ban taɓa yi wa kallon abin tsoro ba. A bar shi sai ya bushe, wani zai ji a jira har ya bushe, wani zai ji in an bar shi zai bushe da kansa, a wuce kawai. Inda ake nufin jira ta sa har, inda ake nufin mataki na gaba ta sa sannan, ta bar sai ta huta.

Da ta tsaga layi ɗaya ya zama biyu ko uku, ba ta yarda lambobi su goce ba. Layi na ashirin da huɗu ya zama 24a da 24b da 24c, ashirin da biyar ta zauna a ashirin da biyar. Dalilinta shi ne manaja da mai duba ɗaki takardar Turanci suke riƙewa. In aka ce an faɗi a lamba goma sha bakwai, dole goma sha bakwai ta zama abu ɗaya a hannun kowa, in ba haka ba gardama ce za ta tashi a kan laifin da ba a yi ba. Haka ta bar haruffan da ke fitowa a kwamfutar masu karɓar baƙi yadda suke. VD ɗaki ne da baƙo ya bari ba a gyara ba, VC an gyara, OOO ɗakin yana da matsala ba a ba da shi, DND baƙo ya ce kada a dame shi. Ni na fassara su har na ƙirƙiro musu gajerun haruffa na Hausa. Ta ce ma'aikaci VD zai gani a takardar rabon ɗakuna kowace safiya, don haka VD zai koya. Ta rubuta ma'anar kowanne sau ɗaya a ƙasan shafi, shi ke nan.

Sai maganar zagaye. Takardar ta ce a bi ɗaki ana goge kaya ta yadda hannun agogo ke juyawa, don kada a tsallake komai. Na rubuta haka. Ta kira wani saurayi daga cikin ma'aikatanta, ta tsayar da shi a bakin ƙofa.

"Ɗana, bi ɗakin nan yadda hannun agogo ke tafiya."

Ya ɗan yi jim, ya ce, "To, Mama," ya nufi dama. Mu mutane ne da aka tarbiyyantar da fara komai da dama, kuma yaran yanzu a waya suke duba lokaci. Alhali in kana tsaye a ƙofa kana fuskantar cikin ɗaki, tafiyar agogo ta hagu take farawa. Abin da ta rubuta shi ne, da an shiga a juya hagu, a bi bango yana hannun hagu, har a dawo ƙofa. Na tambaye ta, to in an fara ta dama me zai lalace, tunda duk zagaye ne? Ta ce babu abin da zai lalace a ɗakin, kuma da ita ta tsara takardar tun farko wataƙila da dama za ta sa. Amma mai duba ɗaki ta hagu yake bi, horon da aka ba tsofaffin ma'aikata ta hagu ne, kuma ba aikin mai fassara ba ne ya sauya doka don ta fi masa daɗi. In tana son a sauya, ofishin manaja za ta je, a sauya a takardun biyu rana ɗaya.

Wannan magana ta dawo da ƙarfi da muka iso layin haɗa magani, wanda a ganina shi ne wurin da gwanintarta ta fi fitowa. Turancin ya ce a haɗa bilic da ruwa 1:50. Na rubuta kashi ɗaya cikin hamsin, na wuce. Ta ce mini abu biyu ne suka dame ta a layin. Na farko, babu mai riƙe da bokiti da zai iya auna kashi ɗaya cikin hamsin. Abin da zai faru shi ne ya tuntsura kwalba har ya ji wari ya ishe shi. Na biyu ya fi wannan girma. Ta aika aka ɗauko kwalbar bilic daga sito, wanda yara ke kira haifo ko da wane kamfani ne ya yi shi, ta nuna mini inda aka rubuta ƙarfinsa: kashi 3.5 cikin ɗari.

Lissafin ba shi da wuya in an san inda aka dosa. Ƙarfin da ake nema don shafe wuraren da hannu ke yawan taɓawa shi ne kashi 0.1 cikin ɗari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai a 2020 lokacin annobar korona. Ana raba ƙarfin da ke jikin kwalba da ƙarfin da ake so, a cire ɗaya, abin da ya rage shi ne yawan awon ruwa da za a zuba wa awo ɗaya na bilic. In kwalba mai kashi 5 ce, 5 a raba da 0.1 ya ba da 50, a cire ɗaya saura 49. Daga nan 1:50 ɗin takardar ya samo asali, wato wanda ya rubuta ta da bilic mai kashi 5 ya yi lissafi. Namu kuwa 3.5 ne. A raba da 0.1 ya ba da 35, a cire ɗaya saura 34. Wanda ya zuba wa bilic ɗinmu ruwa awo hamsin zai sami wajen kashi 0.07, ƙasa da abin da ake nema da kusan sulusi. Ruwan zai yi warin magani, kowa zai ga an yi aiki, amma bai kai ba. Fassarata daidai take da Turancin, kuma Turancin ne bai dace da kwalbar da ke sitonmu ba.

Ba ta gyara lambar a ɓoye ba. Ta ɗauki kwalbar da takardun biyu ta je wurin manaja, aka gyara na Turancin, sannan ta dawo ta rubuta na Hausa. Ga yadda ta yi. Lita biyar na ruwa a raba da 34 ya ba da mililita 147, ta cika shi 150 don sauƙin awo. Ta auna lita biyar a bokiti ta ja layi da fenti a ciki. Ta auna mililita 150 a wani kofin roba ta ja masa layi da jan farce, ta ɗaure shi da igiya a hannun bokitin. Layin da ke takarda ya koma haka: a zuba ruwan sanyi a bokiti har layi, sannan a zuba bilic a kofin awo har jan layi, a juye a bokitin. A gefe, da ƙananan haruffa, ta bar lambobin, lita 5 da mililita 150 da kashi 3.5, domin ranar da aka sayo wata kwalba mai wani ƙarfi a san cewa layin kofi ya tashi aiki. Ta ƙi yarda da murfi ɗaya ko murfi biyu, don murfin ƙaramar kwalba da na jarka ba ɗaya ba ne. Kalmar sanyi ma da gangan ta sa ta, domin ruwan zafi yana lalata bilic ya kuma tayar da tururinsa. Ta ƙara da cewa a haɗa sabo kowace safiya, a zubar da na jiya.

Lokaci ma awo ne, kuma nan na sake faɗuwa. Takardar ta ba maganin minti biyar a kan wuri, ni na ce a bar shi minti biyar. Ta ce minti biyar ɗin na jiƙa ne. Magani yana aiki ne muddin wurin yana da lema, da ya bushe ya daina. A Kano cikin watan Afrilu, ko da hunturu fanka tana juyawa, abin da ka shafa da matsattsen tsumma ba zai kai minti biyu ba ya bushe. Sai ta rubuta, wurin ya zauna a jiƙe minti biyar, in ya bushe kafin nan a sake shafawa. Ta kuma sa a kashe fanka kafin a fara. A nan ne na lura ta kauce wa kashe wuta da na sa a layin ƙarshe, ta rubuta a kashe fitilu da fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a bar firji. Wuta a bakinmu ta haɗa fitila da lantarki gaba ɗaya, kuma an taɓa samun wanda ya bi umarni da gaskiya ya kashe har soket ɗin firji.

Layi ɗaya ne kawai ta rubuta da manyan haruffa. Turancin ya faɗe shi cikin ladabi, wai a guji haɗa magunguna, ni ma na bi shi da ladabin. Ita ta rubuta KADA a haɗa bilic da maganin wanke masai, ko a bokiti ko a cikin masai. Yawancin magungunan wanke masai masu cire tsatsa da gansakuka asid ne a cikinsu, kuma in asid ya haɗu da bilic iskar kulorin ce ke tashi, mai shaƙe numfashi da ƙona ido, a banɗakin da sau da yawa ko taga babu. Ta ambaci cikin masai da sunansa domin ta san babu mai zuba su a kwano ɗaya da gangan. Yadda abin ke faruwa shi ne an zuba na farko an tafi shimfiɗa gado, aka dawo aka ƙara na biyu a kai don ya fi haske. Saboda haka ta sa layi tsakaninsu: a dirje, a kora ruwa sau biyu, sannan a taɓa bilic.

Maganar launin tsumma ba ta ɗauke mu lokaci ba. Ja na masai da daɓen banɗaki da butar banɗaki, rawaya na wurin wanke hannu da bango da famfo, kore na kofuna da butar shayi, na huɗun na kayan ɗaki. Na kira na huɗun shuɗi, ta mayar da shi bulu, ta ce shuɗi a idon yaranta na rini ne mai duhu, wannan kuwa kalar sararin sama ce, kuma bulu suke ce masa. Ba ta tsaya jayayya da ni kan asalin kalma ba. Ta yanko ƙyalle daga kowane tsumma ta manna a gefen takardar da za a liƙa a sito. Ta kuma gargaɗe ni kada in ɗauki wannan rabon in kai wani wuri, don a wasu asibitoci rawaya na ɗakin da aka keɓe mai cuta ne.

Da aka buga takardar sai ga wata fitina. Na'urar ofis ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, ta mayar da su ƙananan akwatuna, sakatare kuma ya gyara ta hanyar cire musu lanƙwasa. A ƙulle ledar shara ya koma a kulle ledar shara, ƙasa ta koma kasa. Mai karatu da ya ƙware zai wuce ba tare da ya lura ba, amma mai haɗa baƙi a hankali tsayawa zai yi. Ta sa aka sauya salon haruffa aka sake bugawa, aka rubuta kwanan wata a ƙasa, aka tattara tsofaffin kwafi aka yaga.

Na ɗauka an gama. Na ba ta shawara a ba wani ya mayar da Hausar zuwa Turanci a gwada da ta asali, kamar yadda muke yi a aikin fassara. Ta ce a yi, yana kama lambar da ta ɓace ko layin da aka tsallake. Amma ta tuna mini cewa takardata ta farko da ta ci wannan jarrabawar da maki mai kyau, tunda buta za ta koma buta, tsabtace ta koma tsabtace. Gwajinta daban ne. Ta kira wata yarinya da ba ta cika mako da fara aiki ba, wadda ba ta taɓa ganin takardar Turancin ba, ta ba ta sabuwar takarda da keken kayan aiki da ɗaki mai VD. Mu biyu muka tsaya a bakin ƙofa. Sharaɗin shi ne ba za mu ce uffan ba, ko da mun ga ta kama hanyar kuskure. Duk inda ta tsaya ta sake karanta layi, Hajiya takan sa ɗigo a nata kwafin, don a wurinta tsayawar mai aiki laifin layi ne.

Yarinyar ta juya hagu. Ta matse tsumma kafin ta taɓa allon gado. Ta cika kofi har jan layi. Sau biyu kawai ta tsaya. Na farko a kan zanin gado na sama da na ƙasa, inda aka ga dole a ce wanda ke kan katifa da wanda ake rufa da shi. Na biyu kuwa ba a kan wani layi ba ne. Ta gama komai, ta ja da baya da mofa har bakin ƙofa, sai ta hango sallaya a naɗe a kan kujera, wadda otal ɗin ke ajiye wa baƙi. Ta duba takarda sama da ƙasa, ta dube mu.

"Mama, wannan fa? Ba a rubuta ba."

Hajiya ta karɓi takardar ta duba, ta juya bayanta ta rubuta, a kakkaɓe sallaya a waje, a duba ko tana bukatar wanki, a naɗe a sa a kwaba. Wannan ne kaɗai wurin da kakkaɓe ta samu shiga. Sannan ta miƙo mini biron, ta ce in juya mata layin zuwa Turanci, za ta kai wa manaja a ba shi lamba.